Ƙamusun Malam Iliyasu

A shekara ta biyu da karya darajar naira, lokacin da malaman jami'a suka koma kiwon kaji a bayan gidajensu, masu hanya kuma suka tattara suka bar ƙasar, aka kawo wa cibiyar nazarin harsuna wani akwatin ƙarfe a bayan a-kori-kura, tare da buhunan gawayi. Dokta Sama'ilu, shugaban cibiyar, ya sa aka kira masa Malama Asama'u.

"Kin san akwatin nan?"

Ta san shi. Tun tana 'yar shekara bakwai take zama a kansa tana biya karatu.

"Na kawuna ne, ranka ya daɗe. Malam Iliyasu."

"To, ƙamus ne, in ji wasiƙarsa. Shekara talatin da ɗaya yana yi. Takardar da ta rage mana a sito ta littafi ɗaya ce tak, kuma kwamiti zai zauna ƙarshen wata. Ki duba ki rubuto mana rahoto, a buga ko kada a buga."

"Ai bai kamata a ce ni ce ba."

"Wa kike so in ba? Masu karanta ajami su biyu ne, ɗaya yana Jidda, ɗaya yana sayar da ƙwai." Ya ɗaga murfin da ɗan yatsa ya leƙa kamar mai duba tukunyar da ta kwana. "Na ji an ce ya jera Hausa a kan baƙaƙe uku-uku, irin na Larabawa. Malaman zaure ke nan. Hausa ai harshen ɗafi ne, a kawo saiwa a liƙa mata goshi, a liƙa mata ƙeya. Noma, manomi. Gona, gonaki. Yana nan a babi na uku na littafina."

Asama'u ta san babi na uku. Shekara shida tana koyar da shi, tana tsallake shafi biyu ba tare da ta gaya wa kowa ba.

Ta kai akwatin ɗakin da take haya a Rijiyar Zaki, ta yi kwana goma sha ɗaya a kansa. Rubutun kawunta ne, siriri mai tsabta, da tawadar da yake dafawa da kansa. Shi ne mutumin da ya tsaya kai da fata sai an sa ta makarantar boko, sa'ad da duk ƙauyen ke cewa ya lalace. Shi ne kuma ya koya mata sarfu a zaure da sandar kara, yana zana kaf da ta da ba a ƙasa. Ga baƙaƙe uku, yakan ce, ba su da murya, ma'anar rubutu kawai suke ɗauke da ita. Zuba su a wannan awo, ki sami kataba, ya rubuta. A wancan, katib, mai rubutu. A wancan, kitab. A wancan, maktub, abin da aka rubuta. Baƙaƙen zare ne, awon kuwa shi ne saƙar. Ranar da ta gano da kanta cewa hukunci da hakimi da hikima uwarsu ɗaya, sai da ya yanka mata zabo.

A ƙamusun, kowane shafi yana da baƙaƙe uku a sama da jar tawada. A ƙarƙashinsu ba ya rubuta kalma. Sai dai lamba, sannan ma'ana. Lambar tana nuni ga wani jadawali da ke farkon littafin, awo arba'in da ya tsara wa Hausa. Mai karatu zai ɗauki baƙaƙen ya zuba a awon, kalma ta fito.

Akwai inda abin ya yi kyau har sai da ta ajiye takardar ta tashi ta zaga ɗakin. A babin jam'i ne. Gulbi, gulabe. Birni, birane. Kurmi, kurame. Jirgi, jirage. Kasko, kasake. Ya tara irinsu fiye da ɗari uku daga Kunci har Shanono. Ya kuma lura da abin da babi na uku ya kauce wa: wannan awon baƙi uku yake nema, in kalma biyu gare ta sai ta maimaita na ƙarshe ta cike gurbin, wuri ya zama wurare, damo ya zama damame. Wannan ba liƙi ba ne, saƙa ce. Ita ma ta daɗe da zargin haka. Buzun da ke gadin ƙofar jami'a, wanda fari ya koro daga Azbin, ya taɓa gaya mata cewa a harshensu ilmad shi ne ya koya, ilammad kuma yana koyo, canjin duk a cikin cikin kalmar. Dangin Hausa ne, na nesa, kuma kamannin bai ɓace duka ba.

Amma babin jam'i shafi sittin ne. Sauran shafi dubu da ɗari biyun fa?

Ta gwada awo na bakwai a kan ba da ra da nun, wanda aka fassara da gari mai ganuwa. Abin da ya fito shi ne barni. Ta gwada wani, gulbi ya fito galbi. Nan ta gane abin da ya yi. Awonsa arba'in ne, Hausa kuwa ba ta san da su ba. Duk kalmar da ta ƙi shiga, sai ya tura ta cikin awon da ya fi kusa, ya rubuta a gefe da ƙaramin rubutu: bakin mutane ya karkatar da ita. Birni dai kowa ya san birni. Amma rabin akwatin tsofaffin kalmomi ne na noma da saƙa da jima da rumbu, waɗanda ya ji a bakin tsofaffin da yanzu suna ƙasa, ita kanta ba ta taɓa jin su ba.

Ba ta rubuta rahoto ba. Ta ce a ranta gyara zai yiwu: ai yana da takardun farko, waɗanda ya rubuta a gona da bakin kasuwa, da wasullansu cif. A koma kansu, a mayar wa kowace kalma muryarta, a buga littafin gaskiya. Ranar Asabar ta ɗauki shafi ashirin a jaka ta hau motar Kunci, daga can ta ƙarasa a ƙasa.

Bazara ce, an yi sharar gona ana jiran ruwa. Gonaki sun haɗe da juna babu ko tafin daji a tsakani, sai gawo da kuka jefi-jefi, da tulin taki da jakuna suka zube. Rumbunan da ta wuce yawancinsu an kwashe musu jinka, alamar babu abin da za a rufe.

Ta iske kawunta a zaure da hantsi, a kan buzu. Idonsa ya yi fari-fari, amma ya gane takunta. Mahaifiyarta Larai, yayarsa, tana gefe tana ɓarar gyaɗar iri a faifai. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan, su biyu suke ta faɗansu kamar yara.

"Uwata ce? Shigo, shigo." Sunan mahaifiyarsu aka sa mata, don haka daga shi har Larai babu mai kama sunan. "An ce akwatin yana hannunki. Na ce to, Allah ya kai nama gidan mai wuƙa."

Ta durƙusa ta gaishe su, aka tambayi hanya, aka tambayi birni da tsadarsa. Larai ta miƙo mata ruwa tana cewa, "Ki sha, malamar jami'a. Fura sai an yi girbi, in za ki jira."

"Kawu, babin jam'i," in ji Asama'u. "Ban taɓa ganin aiki irinsa ba. Ko a littattafan Turawa sai dai a sami kwatankwacinsa."

Ya gyara zama. "Sauran fa?"

"Sauran ne na zo mu yi magana."

"Ai na sani. Wanda ya fara da yabo, da sanda a bayansa. Faɗi."

Ta fito da shafi ɗaya. "Ga nan ka haɗa garka da garke da girki a gida ɗaya."

"Gidansu ɗaya ne. Duk tsayar da abu ne a wuri guda. Shuka a garka, dabba a garke, tukunya a murhu."

"Nan kuma sarki da suruki."

"Wannan kam ya yi gaskiya," Larai ta ce, ba ta ɗago ba. "Duka biyun durƙuso ake yi musu, kuma babu mai ƙoshi."

"Yaya, ki bar mu mu yi ilimi."

"Ku yi mana. Ni gyaɗa nake yi, ita ake ci."

Asama'u ta yi ƙasa da murya. "Kawu, a Larabci in ka ce kitab ka ce kutub, duk wasullan sun tashi, baƙaƙe ne kawai suka zauna. A gulbi da gulabe fa? Wasalin farko bai motsa ba. Birni, birane, bai motsa ba. Duk ɗari ukun da ka tara na bi su, ba inda awo ya taɓa shi. Ba na awo ba ne, na saiwar ne, da shi aka haife ta. In ka cire shi, ba abin da zai dawo maka da shi. Shi ya sa kama da koma da kuma ba su haɗa komai ba."

"Wannan karatun Dokta ne."

"Dokta cewa yake duk liƙi ne, shi ma bai faɗi daidai ba. Hausa tana liƙi, tana kuma saƙa, sai dai saƙarta daga tsakiya take farawa zuwa ƙarshe. Larabcin ma ai yana liƙi. Muslim, muslimuna, kai ka koya mini."

"Na koya miki, ga shi kin zo ki sayar mini." Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. "Uwata, harshe ba ya zama rabi doki rabi jaki. Asali ɗaya ne. Mutanen ƙauye ne suka tauna shi ya karkace, ni kuma na miƙe shi."

"To, takardun farko nake so, waɗanda ka rubuta kafin ka miƙe. In muka koma kansu, wata shida ya ishe mu."

"Waɗanne takardu?"

"Na gona. Na kasuwa."

"Ai na ƙone su. Duk wadda na kwafe sai in ƙone. Haruffan Alƙur'ani ne a jiki, in bar su awaki su taka?"

Haka ake yi, ta sani, ita ma haka aka tarbiyyantar da ita. A nan ya kamata ta tsaya. Ta sha tuna wannan daga baya: da ta mayar da shafin jaka, ta yi maganar ruwan sama, ta kwana ta koma. Amma an koya mata cewa hujja ba a barinta rabi, kuma wanda ya koya mata haka shi ne ke zaune a gabanta.

"Ba a bukatarsu," in ji shi. "Amfanin awo ke nan. Ɗauko kowane shafi, ki ba ni baƙaƙe da lamba, in ba ki kalma."

Ba zaɓa ta yi ba, na saman ta ɗauka. "Za, ra, kaf. Awo na bakwai."

"Zarki," ya ce nan take. "Karanta ma'anar."

Ta karanta. "Damin geron da uwar gida take ɓoyewa a gindin rumbu, ba ta gaya wa mai gida, sai shekarar yunwa ta fito da shi. Na ji ta a bakin Inna, shekarar fara." A gefe kuma da ƙaramin rubutu, bakin mutane ya karkatar da ita. Wannan ma ta karanta.

Larai ta daina ɓara.

"Zarki awo ya bayar," in ji Asama'u. "Ita Inna me ta ce?"

Ya buɗe baki. Ya rufe. Ya ɗaga fuska sama wajen azarar zauren, leɓɓansa suna motsi. "Zurki," ya ce a hankali. "A'a. Zirka... Tana tsaye a bakin rumbu, ta ɗaura zane a ƙirji, ta ce mini, Iliya, shiga ka miƙo mini..." Ya tsaya. "Yaya, ke kina wurin."

"Ina wurin."

"Me ta ce?"

"Ni na san me ta ce? Shekara hamsin da wani abu." Larai ta kaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarta. Muryarta ba ta wasa ba ce yanzu. "Da ina riƙe da ita. Ranar da ka zo da alƙalaminka ka tambaye ni, na faɗa maka, ka ce an adana. Tun daga nan ban ƙara waiwayarta ba. Duk tsofaffin garin nan haka muka yi, abin da muka ba Malam ai ya shiga takarda. Kuma wa ke da damin ɓoyewa yanzu, balle ya kira sunansa?"

Wata akuya ta leƙo zauren ta koma.

"Kawo wani," in ji shi.

"Kawu, a bari."

"Kawo wani, na ce."

Ta karanto masa bakwai. Biyu ya san su, domin har yau ana faɗarsu. Ɗaya Larai ta tuna, sunan wata igiyar masaƙa, kuma ba abin da awon ya bayar ba ne. Huɗu suka tafi. A ta bakwai bai ko gwada ba, ya miƙa hannu ta ba shi shafin, ya shafa shi da yatsa kamar mai neman ƙaya.

"Guda nawa ne irin waɗannan a akwatin?"

"Ban ƙirga ba."

"Kin ƙirga. Ni na rene ki."

"Sun fi dubu biyu."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙo mata shafin.

"A buga babin jam'i shi kaɗai," ta ce da sauri. "Da sunanka a bango. Wallahi ya isa littafi, Kawu. Mutane za su..."

"Shekara talatin da ɗaya, ki fitar mini da shafi sittin, kamar wanda gobara ta bar wa buta." Ya laluba ya ɗauki carbinsa. "Ki rubuta abin da kika gani. In kika rubuta wani abu daban, ban yafe ba. Tashi ki shiga ciki, rana ta yi."

A soro na biyu Larai ta cim mata, ta kama ta a damtse da yatsun nan masu ƙarfi. "Ke da aka aika ki duba, sai ki duba ki yi shiru. Dole sai ya gani da idonsa? Idon ma ina yake?"

"Iya, ƙarya zan yi masa?"

"Wa ya ce ki yi ƙarya? Ni shekara saba'in ina zaune da maza, ban yi musu ƙarya ba, ban kuma gaya musu komai ba."

Ta rubuta rahoton, shafi tara, ta buga shi da kanta a tafireta domin sakataren ya bar aiki. Ta bayyana inda Hausa ke ɗafi da inda take saƙa, da abin da ya raba saƙarta da ta Larabci, ta ce ƙamusun ba zai bugu yadda yake ba, ta roƙi a buga babin jam'i in mai shi ya yarda. Ta kai wa Dokta Sama'ilu ana saura kwana biyu kwamiti ya zauna.

Kwamitin bai zauna ba. Aka shiga yajin aiki, aka rufe jami'a wata biyar. Da aka buɗe, sai aka iske babu takardar da ɗalibai za su rubuta jarrabawa, aka aiko daga sama aka kwashe ta siton cibiyar, aka yayyanka. Asama'u da hannunta ta raba ta a zauren jarrabawa, ta kuma yi makin abin da aka rubuto a kai: ɗalibi ɗari da tamanin, kowanne ya haddace babi na uku, Hausa harshen ɗafi ne.

Da ta je karɓar akwatin, ta ga rahotonta a kan tagar ofishin Dokta, an ɗora masa kofin shayi, ƙusar da ta maƙale shi da ita ta yi tsatsa. Ko shafin farko ba a juya ba.

"Af, ƙamusun malamin zaure," in ji shi. "Me ma kika ce a ciki? Ai da kin ce a buga, da kin ce kada a buga, duk ɗaya ne, Malama. Kada ki sa wa ranki."

Ta yi ta juya wannan maganar a motar Kunci, akwatin yana dukan gwiwarta. Duk ɗaya ne a wurin cibiya. Da ta yi shiru, da yanzu kawunta yana zaure yana tsine wa gwamnati da 'yan boko da tsadar takarda, yana gaya wa duk mai wucewa cewa an danne masa littafi don hassada, ya ƙoshi da fushinsa kamar kowane tsoho a ƙasar nan.

An yi girbi, ba laifi, an mayar wa wasu rumbunan jinka. Kawunta ya rame. Ya amsa gaisuwarta da kyau, ya tambayi hanya. Da aka shigo da akwatin bai tambayi abin da kwamiti ya ce ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ya ce a kai shi ɗakin Larai, tana neman abin da za ta riƙa ɗora fitila.

Da la'asar ta fito za ta kama hanya, ta hango shi a bayan gida, tsaye a bakin tsohon rumbun da ba a zuba komai a ciki ba tun shekarar fari. Ya dafa shi da hannu ɗaya. Ta matso don ta yi sallama, sai ta ji yana magana ƙasa-ƙasa, yana faɗa yana saurarawa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofofi a unguwar da bai sani ba.

"Zurka. Zarko. Zirki."

Ya ji motsinta ya juyo da fararen idanunsa.

"Uwata," ya ce, "ke ce?"

Ba ta san wadda yake tambaya ba, ita ko Inna, don haka ba ta amsa ba.